Girki da waya: yadda sabuwar mai girki a Konduga za ta sa kuɗin cefane su kai ƙarshen wata

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke nema a Agege, Mile 12, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal, iyalinsu na gida. Ƙarshen wata a tura kuɗi, kwana ashirin a bugo waya a ce abinci ya ƙare. Maigida ya yi ta ƙorafi, amarya ta yi ta rantsuwa ba ta yi almubazzaranci ba, kuma sau da yawa dukkansu gaskiya suke faɗa. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa zama ya ƙirga gwangwani nawa gidan ke ci a mako.

Yanzu kusan kowace amarya da wayarta take zuwa ɗakin miji, kuma a wayar take koyon girki. Wannan ba laifi ba ne. Amma manhajar girki ba ta san Konduga ba, ba ta san farashin mudu ba, ba ta san babu firji a gidan ba. To bari mu ɗauki gida guda a Konduga mu bi shi daki-daki: wace manhaja ce ke da amfani, yaya ake mayar da awonta zuwa namu, kuma yaya ake tsara abincin mako da kuɗi ƙalilan. Samarinmu da suka gaji da sayen abinci a buka suka sayi tukunya, ku ma lissafin nan naku ne.

Me ya sa Konduga?

Konduga tana kudu maso gabashin Maiduguri, a kan hanyar Bama. A ƙaramar hukumarta madatsar ruwan Alau take, a kan kogin Ngadda, kuma lambunan gefen Alau sun daɗe suna ciyar da Maiduguri da tumatir, albasa, tattasai da ganyaye. Madatsar ta ɓalle a watan Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ya kuma cinye gonaki da lambuna. Kafin nan, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya ɗaga kuɗin mota, kuma duk abin da mota ke ɗaukowa sai da ya tashi.

Don haka mai girki a can tana da abubuwa uku da bidiyon girki bai damu da su ba. Na farko, farashi na motsi da lokaci: hatsi ya yi sauƙi da kaka, ya yi tsada da tsakiyar damina, ɗanyen tumatir ya yi araha da sanyin hunturu, ya yi wuya daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina. Na biyu, wuta ba abin dogaro ba ce, saboda haka ajiyar dafaffen abinci sai a hankali. Na uku, da gawayi ko itace ake girki a yawancin gidaje, ba da gas ba. Duk girkin da za a ɗauko daga waya, sai an tace shi da waɗannan abubuwa uku.

Wace manhaja, kuma don me?

Ba a bukatar manhaja goma. Aiki uku ne, kowanne da abin da ya dace da shi.

Aikin farko shi ne ganin hannu, wato yadda ake yin abu. A nan bidiyo ya fi rubutu, domin babu rubutun da zai nuna maka kaurin talge ko yadda ake murza tsakin dambu. YouTube ya fi TikTok dacewa da mai koyo, saboda bidiyon TikTok gajere ne, kuma abin da ake yankewa shi ne daidai wurin da mai koyo ke tuntuɓe. A rubuta sunan abincin da Hausa, kamar “yadda ake miyar kuka”, za a samu matan Arewa da yawa suna koyarwa. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 ma da Hausa ake yin sa. Dabaru biyu na rage cin data: a shiga `Quality` a zaɓi `360p`, wanda ya isa a ga abin da ke cikin tukunya, sannan in bidiyon na da maɓallin `Download`, a sauke shi sau ɗaya lokacin da sabis ke da ƙarfi, a riƙa kallo ba tare da data ba. In mai koyarwar na sauri, `Playback speed` zai rage gudun.

Aiki na biyu shi ne awo a rubuce. A nan Cookpad ta yi fice. Kamfanin Japan ne, amma masu girki na gida ne ke zuba girke-girkensu da kansu, kuma matan Arewacin Najeriya sun zuba da yawa, har da waɗanda aka rubuta da Hausa. Amfaninta shi ne kayan haɗi a jere suke, matakai a jere, da hotuna, kuma rubutu ba ya cin data kamar bidiyo. Rauninta kuma, tunda kowa ke rubutawa, wata za ta ce “shinkafa” kawai ba ta faɗi nawa ba. In aka ga girkin da babu awo, a wuce shi a nemi wani. Akwai kuma irin su SuperCook, wadda za ka rubuta mata abin da kake da shi ta kawo maka girkin da zai yiwu. Tunanin na da kyau, sai dai yawancin abin da take kawowa girkin ƙasashen waje ne, kada ka sa ran ta san darajar kuka da daddawa.

Aiki na uku shi ne lissafi, kuma shi ne wanda ke ceton kuɗi. Wannan ba ya bukatar manhajar girki ko kaɗan. Wurin rubutu na waya, ko Google Keep mai akwatunan da ake dannawa in an sayi abu, da kalkuleta, sun wadatar. Littafin makaranta da biro ma sun yi.

Kafin a sauke kowace manhaja daga Play Store, a duba ƙarƙashin sunanta. In an rubuta `Contains ads`, tallace-tallace za su riƙa cin data. In an rubuta `In-app purchases`, akwai abin da za a nemi kuɗi a ciki. Wadda ta ce a gwada kyauta na kwana bakwai amma a fara sa lambar kati, to in kwanakin suka cika ba a soke ba, cirar kuɗi za ta fara. Kuma manhajar girki ba ta da wata hulɗa da lambobin mutanen da ke wayarka ko saƙonninka. Duk wadda ta nemi izinin shiga nan, a goge ta.

Kofin waya ba gwangwaninmu ba ne

Nan ne sababbin masu girki suka fi faɗawa rami. In girkin waya ya ce kofi ɗaya, ana nufin kofin awo mai ɗaukar kimanin mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muke awo da shi kuwa yana ɗaukar wajen mililita 160. Wato kofi ɗaya na waya daidai yake da gwangwani ɗaya da rabi. Babban cokali na awo mililita 15 ne, ƙarami mililita 5, saboda haka ƙananan cokula uku ne ke yin babba ɗaya. In aka ga `tbsp` babban cokali ake nufi, `tsp` kuma ƙarami. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wadda ta rikita su a wurin gishiri ta ninka shi sau uku.

Matsalar takan zo ne idan aka gauraya awo. A auna shinkafa da gwangwani, a auna ruwa da kofin shan ruwa, sai shinkafa ta caɓe a ce girkin waya ƙarya ne. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da aka auna shinkafa da shi, da shi za a auna ruwa. Ga shinkafar da aka turara, a fara da ruwa biyu ga shinkafa ɗaya, a ajiye ruwan zafi a gefe don ƙari. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki.

Mudu ma ba ɗaya ba ne. Na Maiduguri daban, tiyar Katsina daban, kongon Ibadan daban, derikar Legas daban, robar fenti daban. Ko a kasuwa ɗaya, kwanon wani ya fi na wani zurfi. Don haka aikin farko na sabuwar mai girki shi ne, ranar da aka kawo awo, ta juye mudu ɗaya ta ƙirga gwangwani nawa ne a ciki, ta rubuta. Daga ranar, da gwangwani za ta riƙa lissafi. Kai ma da ke kudu, in za ku yi maganar abinci da gida, ku yi ta da gwangwani, shi ne awon da yake ɗaya a Agege da Konduga.

Sai batun yawan mutane. Girki zai ce shinkafa kofi uku ta ishi mutum shida. Kofi uku gwangwani huɗu da rabi ke nan. A gidan da aka rubuta girkin, akwai cinyar kaza da soyayyar ayaba da ganye a gefen faranti. A gidan da shinkafar ce kaɗai abincin, wannan awon manya uku ne ko huɗu. Kada a yarda da lissafin manhaja a nan. A auna cikin mutanen gida na kwana uku, a rubuta abin da ya ishe su ba tare da saura ba.

In kuma za a rage girkin mutum shida zuwa na uku, a raba kayan biyu, amma kada a raba lokacin dahuwa. Wake gwangwani biyu da wake gwangwani huɗu kusan lokaci ɗaya suke nuna. Gishiri da yaji kuwa, a sa ƙasa da abin da lissafi ya bayar, a ɗanɗana, sannan a ƙara.

Minti nawa? Wutar gawayi ba ta san agogo ba

Girkin waya zai ce a soya minti goma a matsakaiciyar wuta. Wannan maganar mai gas ce, wadda ke murɗa maɓalli. Gawayi yakan fara da zafi sosai sannan ya yi ta raguwa, itace kuma ya danganta da iska da bushewarsa. Saboda haka abin da za a koya daga bidiyo shi ne alama, ba minti ba.

Kayan miya sun soyu idan mai ya taso sama, ruwan ya tsotse, ƙamshin ɗanyen tumatir da tsaminsa sun tafi. Shinkafa ta kusa idan ƙananan ramuka suka bayyana a samanta, ƙarar tafasa ta koma ƙasa-ƙasa. A nan ake kwashe rabin garwashi, a rufe da murfi mai kamawa, tururi ya ƙarasa. In aka ji ƙauri alhali saman bai nuna ba, wuta ce ta yi yawa, ba ruwa ne ya yi kaɗan ba kawai. Wake ya nuna idan ya murƙushe tsakanin yatsu biyu ba tare da tsakiya mai tauri ba.

Tuwo kuwa, gudaji daga wuri biyu suke zuwa: ko an dama garin talge da ruwan zafi maimakon na sanyi, ko an zuba busasshen gari da yawa lokaci guda. A dama da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa, a bar talgen ya dahu sosai, sannan a riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a rufe ya sulala. Tuwon da ke warin ɗanyen gari ko yake saurin sakin ruwa, talgensa ne bai nuna ba. Miyar kuka ma haka: a rage wuta, a riƙa barbaɗawa ana kaɗawa da maburgi, ba a juye ta gaba ɗaya ba.

Jiƙa wake na 'yan awanni kafin a ɗora yana rage cin gawayi sosai. Kanwa ma na saurin nunar da shi, amma ɗan kaɗan ake sawa. In ta yi yawa wake ya yi duhu, ɗanɗano ya canza, ciki ya ɓaci.

Abin da za a cire, da abin da ba a taɓawa

Bidiyo zai jero kaya goma sha biyar, amarya ta ga ba ta da rabinsu, ko ta fasa girkin ko ta ci bashi. Hanyar fita ita ce a raba kayan gida uku. Akwai jigo, wanda in babu shi babu girkin: shinkafa, gari, wake, mai, gishiri, ko yis a fanke. Akwai kayan ɗanɗano, waɗanda ake iya musanyawa. Akwai kuma ado, irin su koren wake na gwangwani da tattasai mai launi uku, wanda don hoto aka sa. A cire shi ba tare da wani tunani ba.

A kayan ɗanɗano, namu sun wadatar. Inda aka ce romon kaza, ruwan da aka tafasa kan busasshen kifi da albasa da daddawa zai tsaya. Borno ba ta rasa banda ba. Kifin da ake lodi daga kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri shi ne wanda kuke gani a kasuwannin kudu da tsada. Inda aka ce kori da tayim, citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa za su yi aikin. Lokacin tsadar ɗanyen tumatir, a jiƙa kauɗa a wanke ta sosai saboda ƙasa, a niƙa da albasa da tattasai. Ko ma a bar jar miya gaba ɗaya a koma kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi da yakuwa, waɗanda ba sa neman tumatir.

Lissafin mako guda, gwangwani-gwangwani

Mu ƙaddara gida mai mutum huɗu a Konduga: amarya, surukarta, da ƙannen miji biyu 'yan firamare. Maigida yana Legas yana turo kuɗi. A lissafin abinci, yaro rabin babba ne, saboda haka cikin manya uku za mu ciyar. Mu ƙaddara kuma mudun da ake auna masu na ɗaukar gwangwani 10. Farashin da zan sa na misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. Kowa ya cire shi ya sa na kasuwarsu na wannan makon.

A fara da dare, domin shi ne mafi sauƙi: tuwon masara kullum, miya ce ke canzawa. Manya uku, gari gwangwani 5. A darare uku za a ƙara gwangwani 3 domin a samu ɗumamen safe, wato 8. Darare huɗu sau 5 ya ba da 20, darare uku sau 8 ya ba da 24, jimla gari gwangwani 44.

Da safe, kwana uku ɗumame, kwana huɗu kunun gero da gwangwani 2 kowace rana, a haɗa da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Gero gwangwani 8 ke nan.

Da rana ne ake canza baki. Kwana biyu shinkafa da wake da mai da yaji, kowace rana shinkafa 2 wake 2. Ranar Juma'a dafa-duka da kifi, shinkafa 4. Rana ɗaya dambun tsakin masara da zogale, tsaki 4. Rana ɗaya burabiskon gero, abincin Barebari, da miyar yakuwa da gyaɗa, gero 4. Rana ɗaya faten wake da dankalin Hausa, wake 3. Rana ɗaya faten tsaki da ganye, tsaki 2 da wake 1.

In aka tara: masara, gari da tsaki, gwangwani 50, gero 12, shinkafa 8, wake 8. Wato masara mudu 5, gero mudu ɗaya da gwangwani 2, shinkafa da wake kowanne mudu ɗaya har da saurar gwangwani bibbiyu da za su shiga mako mai zuwa. Abu ɗaya da za a gwada a gida shi ne, bayan surfe da niƙa, gari gwangwani nawa mudun masara ke bayarwa, domin dusa na tafiya da wani abu. A auna sau ɗaya, a gyara lissafin a kai.

Yanzu kuɗi. A misalinmu masara ₦700 mudu, biyar ₦3,500. Shinkafa ₦1,800, wake ₦1,500, geron kimanin ₦1,000. Hatsi ya tashi ₦7,800. Surfe da niƙa ₦700, ya zama ₦8,500. Mai kwalba ɗaya ₦2,000. Kayan miya da ƙananan abubuwa, wato kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, albasa, gyaɗa, ganye, dankali, gishiri, sukari da ɗanɗano, ₦3,500. Busasshen kifi ₦2,000. Gawayi ko itace ₦2,500. Jimla ₦18,500. A ware ₦1,500 don baƙo ko tashin farashi, mako ya tsaya a ₦20,000.

A lura da abu biyu. Na farko, gawayi da niƙa suna cikin kuɗin abinci, kuma babu manhajar girkin da za ta tuna maka da su. Na biyu, wata ba mako huɗu ba ne. Wanda ya turo ₦80,000 yana cewa mako huɗu ne, ya bar kwana biyu ko uku babu abinci. Kuɗin rana ɗaya a wannan lissafin kusan ₦2,860 ne, kwana talatin ya kai wajen ₦86,000. Rigimar ƙarshen wata da yawa daga waɗannan kwanakin take tasowa.

Ga kuma inda bidiyo ke cinye kuɗi ba a sani ba. Girke-girken da suka fi yawo a waya na shinkafa ne da taliya da soye-soye. A misalinmu gwangwanin shinkafa ₦180 ne, na masara ₦70. Da amarya za ta dafa shinkafa gwangwani 4 kowace rana, mako zai ci gwangwani 28, wato ₦5,040. Abincin rana na tsarin da muka yi kuwa, shinkafa ₦1,440, wake ₦1,200, gero ₦320, tsaki ₦420, jimla ₦3,380. Bambancin ₦1,660 ne a mako, sama da ₦6,500 a mako huɗu, ban da tumatir da man da shinkafa ke ja. Kuma tsarin mai wake da gyaɗa da ganye ya fi gina jikin yara a kan farar shinkafa kullum.

Wannan ne ya sa tsarin aikin ya kamata ya zama: a fara duba abin da ke gida da abin da ya yi araha a kasuwa, a rubuta jadawalin mako, sannan a buɗe waya a nemi yadda ake girka abin da aka riga aka zaɓa. Wadda ta fara buɗe waya tana neman abin da za ta dafa, wayar ce za ta yi mata cefane. Kuma sabon girki ɗaya a mako ya isa, a gwada shi da gwangwani ɗaya tukuna. In ya lalace, asarar kaɗan ce.

Inda shawarar waya ke iya cutarwa

Manhajojin tsara abinci na ƙasashen waje suna son a dafa na mako guda ranar hutu a zuba a robobi. Wannan na masu firjin da ba ya mutuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, kuma a yankin Maiduguri zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Shinkafa, wake da miyar gyaɗa su ne suka fi saurin lalacewa. A dafa daidai ci. Ɗumame ma a rufe shi da dare, da safe a tafasa miyar sosai, tuwon ya yi zafi har tsakiyarsa, ba ɗumi-ɗumi ba. Abin da ya fara yauƙi, kumfa ko tsami, a zubar, kuɗin asibiti ya fi kuɗin tuwon. Ƙananan yara kuwa gara a ba su sabon kunu da safe a lokacin zafi.

Abin da za a tanada na mako shi ne busasshen aiki: a niƙa gari, a daka yaji, a soya gyaɗa, a tsince wake, a rege shinkafa a shanya, a gyara kifi a cire ƙaya. Da kaka a sayi hatsi da ɗan yawa in da hali, da hunturu a yanka tumatir, tattasai da kuɓewa a shanya a wuri mai tsabta.

Araha ma tana da iyaka. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ta canza launi ko take ɗaci, tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Haka ruɓaɓɓen tumatir da ake karyarwa a ƙarshen kasuwa: wanda ya fashe kawai a hanya ana iya dafa shi a ranar, amma mai farin gashi ko baƙin tabo da wari ba abin saye ba ne.

Ga mai turo kuɗi, da mai girka wa kansa

Kai da ke kudu, maimakon tambayar “ina kuɗin suka tafi”, ka nemi a turo maka hoton jadawalin mako da farashin ranar kasuwa ta WhatsApp. Ku duba tare. In farashi ya tashi, za ka gani a rubuce, babu zargi. In za ka iya, ka raba turawa gida biyu: kuɗin hatsi, mai da gawayi sau ɗaya a wata, kuɗin kayan miya kuma mako-mako, don kada na miya ya narke tun farkon wata. Kuma a bar surukar ko wata dattijuwa a gidan ta ga girkin farko. Ita ce za ta leƙa tukunya ta ce “bai yi ba tukuna”, abin da waya ba za ta taɓa yi ba.

Samari 'yan ɗaki ɗaya a Idi-Araba ko Sabo, ku raba lissafin nan gida uku, kun samu na mutum ɗaya. In ku uku ne, ku ɗauke shi yadda yake, ku ƙara rabin gwangwani ga kowa saboda aikin ƙarfi. Ku tambayi mai awo derika nawa ce a robarsa, ku ƙirga gwangwanin da ke cikin derika, ku rubuta a bango. Makon farko lissafin ba zai zauna daidai ba, wani abu zai ragu wani ya gaza. Ku gyara lambobin, kafin mako na uku kowa zai san abin da tukunyarsa ke ci. Allah ya sa albarka a nema, ya hore mana abin sawa a tukunya.